Akwatuna huɗu: ba su ne ke yanke hukunci ba

"Na raba ayyukana a akwatuna huɗun nan na gaggawa da muhimmanci, amma har yanzu ba na taɓa manyan ayyukan. Ina matsalar?"

Jadawalin akwatuna huɗu yana raba ayyuka ne bisa muhimmanci da gaggawa, akwatin farko kuma shi ne na aiki muhimmi kuma na gaggawa. Mutane da yawa na ɗauka jadawalin ne zai nuna musu abin da ya fi muhimmanci. A'a, kai ne ke yanke hukuncin tun kafin ka rubuta, kuma a nan ake zamewa, domin abin gaggawa yana da baki, yana kira, shi kuwa muhimmin abu shiru yake yi.

Ɗauki ɗalibi mai jarrabawa nan da mako shida. Karatu ya faɗa akwati na biyu: muhimmi, ba gaggawa. Saƙon aboki mai neman amsa yau kuwa, saboda matsin lamba, sai ya tura shi akwati na farko. Kullum haka, har saura kwana uku, karatun ya koma gaggawa da kansa, lokacin da ba zai yiwu yadda ya kamata ba.

Kafin ka sa aiki a akwatin farko, tambayi kanka: in na bar shi zuwa gobe, me zan rasa? In babu, ba wurinsa ba ne. Aikin akwati na biyu kuma, ka yanka masa rana da awa, misali bakwai zuwa takwas kowace safiya, tunda babu mai zuwa ya tuna maka.