Awa biyar tsakanin Gombe da Toronto, wani lokaci kuma shida

Na kwashe shekaru ina zaune a Toronto, ƙanina kuma yana Gombe, a unguwar Bolari, inda yake gina wa mutane shafukan intanet daga ɗakinsa. Ni na haɗa shi da wata mata mai shagon kayan ado a nan, don haka duk abin da ya faru a tsakaninsu ina jin sa ta ɓangare biyu, kuma abin da na ji ya sa na yarda cewa bambancin agogo ba shi ne babbar wahalar wannan aiki ba, illa dai yana fito da bambancin ɗabi'a fili.

Sun tsayar da taron bidiyo kowace Talata da ƙarfe 12 na ranar Toronto, wanda ya yi daidai da ƙarfe 5 na yamma a Gombe, an idar da La'asar, Magariba kuma da saura. Haka suka yi wata uku lami lafiya. Ranar Talata 5 ga Nuwamban 2024 ya zauna gaban kwamfuta da ƙarfe 5 kamar kullum, ya jira minti ashirin bai ga kowa ba, kunya kuma ta hana shi tambaya, sai ya ɗauka wani uzuri ne ya taso mata. Ita kuwa ta shiga da ƙarfe 12 nata, wanda a ranar ya koma ƙarfe 6 a Gombe, shi kuma yana masallaci, domin a Nuwamba ana kiran Magariba kafin shida ta cika. Da dare ya kira ni yana cewa, "Yaya, matar nan fa ba ta zo ba," alhali ita ma ta riga ta rubuto mini irin wannan ƙorafi a kansa.

Babu wanda ya saɓa alkawari a cikinsu. Nijeriya ba ta taɓa agogonta duk shekara, amma Toronto da New York da mafi yawan Arewacin Amurka suna tura nasu gaba da awa ɗaya a Lahadi ta biyu ta Maris, su dawo da shi a Lahadin farko ta Nuwamba, wadda a waccan shekara ta faɗo ranar 3 ga wata. Tazarar ke nan awa biyar ce daga Maris zuwa Nuwamba, awa shida a sauran watanni. Birtaniya ma tana yin haka, sai dai ranakunta daban ne, Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, kuma a tsakanin waɗannan ranaku biyu agogon Landan da na Gombe ɗaya ne. Kuskuren ƙanina shi ne ya haddace "ƙarfe biyar" a kansa. Da an saka taron a Google Calendar, da ya ga lokacin ya matsa da kansa, domin taro mai maimaituwa yana bin agogon yankin da aka ƙirƙire shi da shi. Daga baya sun mayar da shi ƙarfe 10:30 na safiyar Toronto, wato 4:30 a Gombe lokacin sanyi. Ina ganin ya dace mutum ya faɗi lokutan sallarsa tun ranar farko ba tare da kame-kame ba, domin abin da ya ɓata wa matar rai kujerar da ta tarar babu kowa ce, sallar kuwa da aka yi mata bayani ba ta ce komai ba.

Inda na fi son tsayawa shi ne maganar shiru. A gida, idan ka ba tela ɗinki a Babbar Kasuwa, ba ka jiran ya riƙa aiko maka da labarin inda ya kai. Idan ka matsu sai ka taka ka je, ku gaisa, ka ga yadinka a kan keke, hankalinka ya kwanta. Yawan tuntuɓar wanda ya ba ka aiki ma a wurinmu yana iya zama kamar roƙo ko rashin kamun kai. Wadda take Toronto ba ta da shagon da za ta leƙa, saboda haka shirun kwana uku a wurinta yana nufin ko an watsar da aikin ko an gudu da kuɗin kafin alƙalami, ko da kuwa a lokacin yaron yana can yana raba dare a kan aikin nata.

Haka ma gaisuwa. Mun saba mu aika "Barka da warhaka, ya aiki?" mu jira a amsa kafin mu kawo abin da ke tafe da mu, kuma ni ban ga aibun wannan ba tsakanin mutum biyu da suke gari ɗaya. Amma a duba lissafin: ya aika gaisuwa da ƙarfe 9 na safe, ita tana barci domin ƙarfe 3 ne na dare a wurinta, ta amsa da ƙarfe 9 nata, wato 3 na yamma a Gombe, sannan ya jefa tambayar, ta shige wasu harkoki, amsar ta iso da ƙarfe 10 na dare an ɗauke wuta. Tambayar da ba ta wuce layi biyu ba ta cinye yini guda. Ban ce ya daina gaisuwa ba, na ce ya haɗa gaisuwar da tambayar a saƙo ɗaya.

Abin da ya gyara zamansu shi ne ɗan rahoton da yake rubutawa kullum wajen ƙarfe 2 na rana, kafin ta buɗe shago. Yana faɗin abin da ya kammala tare da mahaɗin da za ta danna ta gani da idonta, da abin da zai kama na gaba, da abin da yake jira daga gare ta. Tambaya kuma ba ya barin ta a buɗe. Maimakon ya ce mata yaya take son kuɗin aika kaya ya fito, sai ya rubuta cewa hanya biyu ce, ko farashi ɗaya ga kowa ko gwargwadon nauyin kaya, shi ya fi ganin dacewar ta farko domin kayanta marasa nauyi ne, kuma idan bai ji daga gare ta ba kafin safiyarsa, da ita zai ci gaba tunda sauyawa ba ta da wuya. Ta haka safiyar Gombe, wadda a da take tafiya a zaman jira, ta zama lokacin da ya fi samun aiki, ba mai kira ba mai katse shi.

Akwai inda nake ganin mutanen nan su ma suna wuce gona da iri. Wasunsu sun ɗauka wanda yake Afirka a kan waya yake kwana, sai su aiko saƙo da ƙarfe 4 na yammacin Juma'a, ƙarfe 10 na dare ke nan a Gombe, su ƙara da alamar tambaya bayan rabin awa. Ƙanina da farko yana amsawa ko da ƙarfe ɗaya na dare ne, don tsoron kada aikin ya suɓuce, kuma da hannunsa ya koya mata tsammanin haka. Sai da suka rubuta ƙa'ida: saƙon da ya zo tsakanin ƙarfe 2 na rana da ƙarfe 8 na dare agogon Gombe za a amsa shi a ranar, wanda ya zo bayan haka sai gobe, kiran waya kuma na abu ɗaya ne kawai, wato idan shafin ya faɗi ko masu saye sun kasa biyan kuɗi. Taron Talatar ma yanzu sau ɗaya suke yi a mako biyu, kuma na ƙarshe da suka yi bai kai minti goma sha biyar ba, domin ta riga ta karanta komai kafin ta shiga.