Takardar CAC ba lasisi ba ce, jama'a mu daina haɗa su

Akwai wata takarda da ta ci wa mutanenmu kuɗi masu yawa, kuma abin takaicin, ita kanta takardar ba ta bogi ba ce. Satifiket ɗin rajistar kamfani na CAC nake nufi. Za ka shiga ofis ka gan shi an sa masa firam an rataye a bayan kujerar manaja, ga tambarin gwamnati ga lambar RC. Kana tambaya "kuna da izinin karɓar kuɗin mutane?" sai a nuna maka bango a ce "Alhaji ai ga shi nan, gwamnati ta san da mu." Daga nan hankali ya kwanta, a zaro kuɗin gado ko na sayar da fili a miƙa.

Gaskiya ne gwamnati ta san da su, amma sanin da ta yi musu na suna ne kawai. Aikin CAC shi ne ta rubuta cewa akwai kamfani mai suna kaza, adireshinsa kaza, daraktocinsa su wane da wane. Mai shagon ɗinki zai iya yin wannan rajista, mai gidan burodi ma haka, cikin 'yan kwanaki da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Kamar takardar haihuwa take: tana nuna an haife ka, ba ta nuna ka iya tuƙi. Wanda zai karɓi ajiyar jama'a, ko ya juya musu kuɗi, ko ya sayar musu da inshora, sai ya sami wani izini daban daga hukumar da ke kula da wannan harka, kuma samunsa ba wasa ba ne. Ƙaramin bankin unguwa ma, mafi ƙanƙanta a cikin masu ɗauke da sunan Microfinance Bank, sai ya nuna jarin naira miliyan 50 kafin CBN ta saurare shi. Na matakin jiha biliyan 1 ne, na ƙasa baki ɗaya biliyan 5.

Duk wanda ya bi labarin CBEX, dandalin zuba kuɗi na intanet da ya rushe a watan Afrilun 2025 ya ga yadda ake wasa da takardu. Sun yi ta alƙawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, masu tallata su kuma suna yawo da hoton satifiket ɗin CAC da na SCUML, wanda ke ƙarƙashin EFCC. Mutane suka ce ai tunda har EFCC ta sa hannu, magana ta ƙare. Bayan kuɗi sun salwanta aka fito aka bayyana cewa rajistar SCUML ta sa ido ce a kan safarar kuɗin haram, ba shaidar cewa kasuwancinka halattacce ba ne. SEC, wadda ita ce ke da hurumin ba da izinin harkar zuba jari, ta ce ba ta taɓa yi musu rajista ba. Ko SEC ta yi musu rajista, wannan tambayar guda ɗaya ce ya kamata a yi tun farko, kuma amsarta tana nan kyauta a intanet tun kafin a saka ko sisi. Abin da ya fi ci min rai shi ne mun ga irin wannan a MMM a ƙarshen 2016, shekara tara ba ta cika ba aka sake.

Rabon aikin ba shi da wuyar riƙewa. Mai karɓar ajiya ya ba da rance, CBN ce ke ba shi lasisi, NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki, kuma ta tsaya wa ajiyar. Mai cewa ka kawo kuɗinka ya juya ya ba ka riba, wannan na SEC ne. Inshora da takaful na NAICOM ne, fansho kuma na PenCom. Kowacce tana da jerin sunayen waɗanda ta ba izini a shafinta: cbn.gov.ng, ndic.gov.ng, sec.gov.ng, naicom.gov.ng.

Bari in nuna yadda ake bin abin daki-daki. Wata 'yar uwata mai sayar da atamfa a gida ta turo min hoton takardar talla, wai an kawo musu a wani zaure na mata. Ka saka dubu 500, duk wata a ba ka dubu 50, uwar kuɗinka na nan. Na ce mata, Yaya, kafin mu je ko'ina lissafa wannan: kashi 10 cikin ɗari a wata, kashi 120 ke nan a shekara. Wace sana'a kika sani da ke ba da wannan riba kullum ba faɗuwa, har mai ita ya raba da baƙo? Ta ce ai sun ce noma suke yi da gidaje. Na ce to, mu bar zato, turo min cikakken sunan kamfanin kamar yadda yake a satifiket, ba sunan da ke jikin allon talla ba.

Wannan shi ne matakin farko, kuma a nan da yawa ke tuntuɓe. Sunan talla daban, sunan rajista daban, lasisi kuwa da sunan rajista ake bayar da shi. Muka sa sunan a binciken CAC, ya fito, lambar RC ta yi daidai. Sai muka tambayi kanmu, me suke yi da kuɗin mutane? Suna karɓa da alƙawarin riba, ke nan a jerin SEC ya kamata a same su. Muka duba, babu. Muka leƙa jerin CBN ko da sun fake da sunan ƙaramin banki, nan ma babu. Akwai wani kamfani mai lasisi da sunansa ya so ya yi kama da nasu, kalma ɗaya ce ta bambanta, kuma wannan tsohuwar dabara ce, a raɓi sunan mai gaskiya. Don haka a karanta sunan harafi da harafi, a gwada adireshi da lambar waya da waɗanda hukumar ta wallafa. Kada kuma ka bi adireshin shafin da su suka turo maka, rubuta na hukumar da hannunka.

Sai na ce ta tambaye su lambar asusun da za ta tura kuɗin. Da ta sa lambar a wayarta, sunan wani mutum ne ya fito, ba na kamfani ba. Ko da ba mu duba komai ba, wannan kaɗai ya isa. Kamfanin da SEC ta ba izinin juya kuɗin jama'a ba ya karɓarsu a asusun "oga" ko na sakatariyarsa. Da ta matsa da tambayar lasisi, amsar da aka ba ta ita ce "yana kan hanya, mun riga mun cike takardu." Wanda ya cike takardar neman lasisi ba shi da lasisi. Ko wanda CBN ta ba amincewar farko, wadda za ka ga an rubuta Approval in Principle, ba a yarje masa ya fara karɓar ajiya ba tukuna. Yayata ta riƙe kuɗinta.

Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: lasisi iri-iri ne, kuma kowanne da iyakarsa. Bankunan da kamfanonin waya suka buɗe, irin su MoMo PSB da SmartCash PSB, an ba su damar karɓar ajiya da tura kuɗi, ba a ba su damar ba da rance ba. Ƙaramin banki mai lasisin jiha ɗaya ba shi da hurumin buɗe reshe a wata jihar. Ƙungiyar gama-kai da ta yi rajista a ma'aikatar jiha ta 'ya'yanta ce, ba ta da izinin shiga rediyo tana kiran duk mai kuɗi ya kawo. Saboda haka bayan ka ga suna a jeri, duba a ƙarƙashin wane rukuni yake, ka gwada da abin da suke tallata maka.

Na san abin da wasu za su ce, domin an sha faɗa min: "Ai masu lasisin ma suna rushewa." Haka ne. A 2023 CBN ta soke lasisin ƙananan bankuna fiye da 100, a watan Yunin 2024 ta soke na Heritage Bank. Lasisi ba ya hana faɗuwa. Amma a duba abin da ya biyo baya. Masu ajiya a Heritage sun sami wurin zuwa, NDIC ta biya su har zuwa naira miliyan 5 kowane mutum, masu fiye da haka suna karɓar sauran a hankali yayin da ake sayar da kadarori. A ƙananan bankuna iyakar miliyan 2 ce. Idan kana da miliyan 3 a irin wannan banki ya rufe, miliyan 2 na da tabbas, miliyan 1 sai abin da aka samu. Wanda ya saka a wurin da ba lasisi kuwa, ko an kama masu shi an ɗaure, babu asusun da aka tanada don mayar masa da ko kwabo. Kuma tunda ana soke lasisi, hoton da aka ɗauka shekara uku da suka wuce ba hujja ba ne, jerin yau za ka duba.

Abin da ke sa ba mu tambaya, ni a ganina, kunya ce. Wanda ya kawo tallan ɗan unguwa ne, ko suruki, ko wanda kuke sahu ɗaya a masallaci, sai ka ga kamar neman lasisi zarginsa ne. Sau da yawa shi ma an yaudare shi ne, nasa kuɗin na ciki. Wasu kuma da an ce "halal ne, ba ruwa a ciki" sai su sauke duk wata tambaya. Jaiz da TAJBank ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, kuma duk da haka da lasisin CBN suke aiki. Kamfanonin takaful ma sai da izinin NAICOM. Wanda ke kiran sunan Allah yana ɓoye lasisi, ni shi na fi tsoro.

Masu mota, naku ya fi sauƙi kuma ya fi yawa. Inshorar dole, wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani, tun Janairun 2023 kuɗinta naira dubu 15 ne ga motar gida, kuma tana biya har miliyan 3 na dukiyar da ka lalata. Idan wani a bakin ofishin sabunta takardu ya ce zai haɗa maka ita a dubu 3 ko 5, takarda kawai ya buga maka, ranar da ka daki motar wani daga aljihunka za ka biya. Kafin ka bar wurin, shiga askniid.org ko ka danna wannan a wayarka:

```
*565*11#
```

Sa lambar motarka. Idan inshorar ta gaske ce za ka ga sunan kamfanin da ranar da za ta ƙare. Wani lokaci sabuwar takarda kan ɗan yi jinkiri kafin ta hau, to ka sake gwadawa bayan kwana biyu, in har ba ta fito ba ka kira kamfanin da lambar da ke shafinsa ka karanta musu lambar takardar. Ka kuma tabbata sunan kamfanin yana cikin jerin NAICOM na yanzu, domin a 2022 ta soke lasisin Niger Insurance da Standard Alliance, sunayen da mutane suka daɗe suna gani a takardun mota.