Yaron da aka rubuta wa CP a kati: aikin gida, gashi da zancen makaranta

Iyaye, idan likita ya rubuta CP a katin ɗanku, abin da yake nufi shi ne wani sashe na ƙwaƙwalwar yaron da ke sarrafa motsin jiki ya samu rauni, ko tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko a farkon rayuwarsa. A nan wajenmu abin da ya fi jawo shi sananne ne: doguwar naƙuda da jariri ya fito bai yi kuka ba, shawarar da ta yi tsanani a makon farko, haihuwar bakwaini, sai sanƙarau ko zazzaɓin cizon sauro da ya taɓa ƙwaƙwalwa. Yaron ba ɗan ruwa ba ne, kuma wannan ba shan inna ba ce. Raunin ƙwaƙwalwar ba ya ƙaruwa, ba ya kuma warkewa. Abin da ke lalacewa idan an yi sakaci shi ne gaɓoɓi, ƙugu da ƙirji, kuma ra'ayina a nan ya kamata kuɗinku da ƙarfinku su tafi. Duk wanda ya ce yana da allura ko garin maganin da zai mayar da ƙwaƙwalwar daidai, kuɗinku yake so.

Mu ɗauki misali. A ce yaro ɗan wata goma sha huɗu ne, an haife shi bakwaini, yana dariya, yana gane mutanen gida, amma bai zauna da kansa ba. Idan an ɗaga shi tsaye sai ƙafafunsa su sandare su harɗe kamar almakashi, ya dogara a kan 'yan yatsu. Wajen sa masa kunzugu uwa tana shan wuyar buɗe cinyoyinsa. Wannan shi ne nau'in da ya fi kama ƙafafu, kuma yana yawan samun bakwaini. Irin wannan yaro a kai shi sashen yara na asibitin koyarwa na Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko asibitin koyarwa na tarayya da ke Gombe, a nemi a tura shi sashen gashi, a kuma duba idonsa da jinsa. Kada a tsaya jiran ya shekara biyu wai nawar tafiya ce ta gado.

Sai dai gashin asibiti sau ɗaya a mako ko a wata ba zai yi aikin shi kaɗai ba. Amfanin zuwan shi ne ma'aikacin gashi ya koya wa uwa da uba abin da za su yi kullum, su yi a gabansa ya gyara musu hannu. Miƙe ƙafa ana yin sa a hankali: a tallafi diddige, a tura tafin ƙafa sama har a ji ya tsaya, a riƙe kamar daƙiƙa talatin, a saki. Fizga da ƙarfi ƙara sandarewa take yi, kuma tana iya karya ƙashi, don ƙashin yaron da ba ya tsayuwa bai da ƙwari. Shi ya sa ban yarda a kai irin wannan yaro wajen mai ɗori ya ja ƙafar ba.

Abin da ya fi miƙewar ma muhimmanci shi ne yadda yaron ke wuni. Wanda aka bari kwance rigingine a tabarma tun safe har dare, gwiwoyinsa za su ƙage a lanƙwashe. A riƙa sauya masa: ya yi rub da ciki da naɗaɗɗen zani a ƙarƙashin ƙirji yana miƙa hannu ga abin wasa, ya zauna a kusurwar ɗaki ko a kujerar da kafinta ya yi daidai jikinsa, tafin ƙafa a dafe da ƙasa, ɗan matashi tsakanin cinyoyi. Goyo yana da kyau gare shi, domin yana buɗe cinyoyin. Idan ma'aikacin gashi ya amince, a yi masa katakon tsayuwa, a fara da minti goma, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin awa zuwa awa guda a rana. Keken koyon tafiya na yara da ake sayarwa a kasuwa kuwa ku bar shi, ɗaga diddige yake ƙara koya masa.

Ƙugu shi ne abin da ake yawan mantawa. Naman cinya da ya sandare yana jan kan ƙashin cinya daga gurbinsa a hankali, ba tare da ciwo ba da farko. A yi hoton ƙugu wajen shekara biyu, kuma yaron da ba ya tafiya a maimaita masa duk wata shida zuwa shekara. Idan kun ga ƙafa ɗaya ta fi gajarta, ko yana kuka wajen buɗe cinya, kada ku jira ranar da aka ba ku.

Magani yana da gurbinsa. Baklofen yana sassauta sandarewa, amma idan ya yi yawa yaro zai yi laushi da yawan barci, kuma ba a yanke shi rana ɗaya. Kusan ɗaya cikin uku na waɗannan yara suna da farfaɗiya, kuma maganinta kullum ake sha, ba sai jijjiga ta zo ba. Takalmin roba mai riƙe idon sawu, filasta da tiyatar sassauta jijiya duk suna gyara gaɓa ne, ba su taɓa ƙwaƙwalwa. Wajen ci kuma, a zaunar da shi, haɓa ta ɗan yi ƙasa, kunu ya yi kauri, cokali ƙarami. Ɗura haɗari ce babba. Yaron da ke ƙwarewa ko tari wajen ci, abinci ke zarcewa huhu, shi ne kuke ganin limoniya tana ta dawowa.

Zai yi tafiya? Ma'aunin da likitoci suka fi dogara da shi shi ne zama. Yaron da ya zauna da kansa kafin ya cika shekara biyu galibi yana tafiya, ko da da sanda ne ko abin turawa. Wanda ya kai shekara huɗu bai zauna ba, da wuya ya yi, kuma gara a nema masa keken guragu daidai jikinsa da wuri, ya fita ya ga mutane.

Zancen makaranta kuwa ba ƙafa ke yanke shi ba. Kusan rabin masu wannan larura hankalinsu lafiya lau yake. Yaron misalinmu mai yiwuwa ne ya shiga firamare ta unguwa da Islamiyya tare da sa'o'insa, ko da ya makara da shekara guda. Abin da zai hana shi karatu shi ne matakala, banɗakin da ba zai iya tsugunawa ba, da malamin da ke dukansa kan jinkirin rubutu. Uba ya je ya zauna da hedimasta tun kafin a buɗe zango: aji na ƙasa, benci na gaba mai majingina, fensir da aka naɗe ya yi kauri, ƙarin lokaci a jarrabawa ko a tambaye shi da baki, da wanda zai raka shi banɗaki. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba shi haƙƙin karatu kyauta har sakandare.

Wanda shawara ta taɓa, sau da yawa jikinsa na murɗewa, maganarsa ba ta fita, sai a ɗauka ba shi da hankali, alhali kunne ne ya samu matsala. A auna jinsa kafin a yanke masa hukunci. Akwai kuma yaran da raunin ya yi musu yawa, ba za su iya karatu da rubutu ba. Su abin da za a koya musu shi ne nuna e da a'a da ido ko hannu, nuna hoton kofi idan ƙishirwa ta kama su, da riƙe cokali in hannu ya yarda. A liƙa hotuna huɗu ko biyar a kwali, ruwa, abinci, banɗaki, ciwo, a fara da biyu, a ƙara sauran idan ya saba.