Lissafin dasha na 'yan Indiya, da inda yake gocewa

Jama'a masu kallon fina-finan Indiya, nasan kun sha ganin inda boka zai buɗe takarda yace wa iyayen yarinya ai tana cikin lokacin Shani, wato tauraron Saturn, a dakata da bikin. To wannan "lokacin" shi suke kira dasha, kuma wanda suka fi amfani dashi sunansa Bimshottari, wato 120, saboda zagayen shekara 120 ne. Ni dai tun farko in faɗa, ban yarda tauraro na juya rayuwar kowa ba, gaibu sai Allah. Amma na zauna na bi lissafin da biro da takarda, kuma yana damuna yadda ake kawo mana shi a waya kamar wani abu mai ƙaidi daidai wa daida.

Sun raba shekarun ne ga abu tara, kuma jerin baya canzawa: Ketu 7, Shukra 20 (Zara matar wata kenan), Rana 6, Wata 10, Mangal wato Mars 7, Rahu 18, Guru wato Jupiter 16, Shani 19, Budha wato Mercury 17. Rahu da Ketu ma ba taurari bane, wurare biyu ne da hanyar wata ke gitta hanyar rana. Ana jingina tsarin ga littafin wani malaminsu na da mai suna Parashara.

Daga ina mutum zai fara? Daga inda wata yake lokacin da aka haife shi. Sun yanka sama gida 27 da suke cewa nakshatra, kusan irin manazilin wata da malamanmu suka sani, sai dai namu 28 ne. Kowane gida faɗinsa digiri 13 da minti 20, wato minti 800 na awon faɗin sama ba na agogo ba, kuma kowanne da mai shi cikin taran nan.

A ce an haifi yaro wata yana gidan Barani, na biyu a jeri, wanda Shukra ke dashi. A ce watan ya riga ya ci minti 600 cikin 800 ɗin, saura kwata. To yaron bazai samu shekara 20 na Shukra ba, kwatan zai samu, shekara 5. Daga nan sai a bi layi, Rana daga 5 zuwa 11, Wata zuwa 21, Mangal zuwa 28, sai Rahu ya riƙe shi har 46, Guru har 62, Shani har 81. Kowane babban zango, mahadasha, a cikinsa kuma akwai ƙananan zango tara, antardasha, suna farawa da mai babban zangon. Ana ninka shekarun biyun a raba da 120. Guru a cikin Rahu, 18 sau 16 ya bada 288, raba da 120 ya zama shekara 2 da wata 4 da kwana 24. Mai duban zai kalli inda Rahu da Guru suka zauna a taswirar haihuwar yace aure ko aiki ko ciwo a wannan tsakanin yake.

Yanzu ga inda nake so ku tsaya. Wata yana gama gida ɗaya ne cikin kusan kwana guda. Kenan a misalinmu shekara 20 aka matse cikin awa 24, awa ɗaya kacal in aka kuskure a lokacin haihuwa komai ya gusa da kusan wata goma, ba zangon farko kaɗai ba, duk layin har tsufa, don kowanne akan na baya yake tsaye. In kuma haihuwar ta faɗo a bakin iyakar gida biyu to mai zangon farkon ma sai ya canza. Mutum nawa ne suka san mintin da aka haife su? wanda aka haifa a gida abinda tsohuwa zata ce maka shine bayan la'asar.

Ko lokacin ya zama daidai ma, su kansu masu abin basu haɗu a kan ma'auni ɗaya ba. Akwai gyaran da suke cirewa daga matsayin taurari, ayanamsha, na Lahiri shine yafi yaɗuwa a Indiya kuma yanzu yana wajen digiri 24, na Raman ya bambanta dashi da sama da digiri 1, wanda a gidan Shukra kusan shekara biyu kenan. Sannan wasu na ƙirga shekara kwana 360 wasu 365 da kwata, kafin yaronmu ya kai 46 tazarar ta kai wajen wata takwas. Shi yasa zaka saka bayanin haihuwa ɗaya a manhaja biyu su baka ranaku daban.

Abinda yafi tsaya min kuwa, Rahu shekara 18 ne, a misalinmu daga 28 zuwa 46. Wane ɗan Adam ne zai wuce waɗannan shekarun bai yi rashi ba, bai canza aiki ba, bai kwanta ciwo ba? In abin ya faru sai ace Rahu ne, in bai faɗo a zangon da aka ce ba sai a koma a gyara lokacin haihuwar har ya dace, kuma wannan gyaran sana'a ce mai zaman kanta a wajensu.