'Yar'uwa, allurar nan kwana uku kacal take jiranki

Ku ɗauko katin awonku ku duba. A wurin da aka rubuta rukunin jini za ku ga A, ko B, ko AB, ko O, sannan a gefen harafin akwai wata 'yar alama, + ko −. Yawancinmu harafin muke riƙewa, mu manta da alamar. Wasu kuma da an tambaye su rukunin jini sai su ce "AA ce ni", alhali wannan gwajin sikila ne, wani abu ne daban. A kan alamar nan, da allurar anti-D da ake yi wa mai jego saboda ita, nake son mu yi magana, ƙannena 'yan mata da amare, da ku samarin da ke shirin ajiye iyali.

Alamar + tana nufin akwai wani sinadari a jikin jajayen ƙwayoyin jinin mutum, wanda ake kira resus, ko Rh a takardar asibiti. Alamar − tana nufin babu shi. Rashinsa ba ciwo ba ne, haka Allah ya halicci mutum, kuma gado ne daga iyaye. A Najeriya kusan mutum 5 cikin 100 ne ba su da shi, shi ya sa ma ba a cika zancensa ba. Mace mai − za ta yi rayuwarta lafiya lau har ranar da ta ɗauki cikin yaro mai +, wanda ya gado daga ubansa.

Ina da wata 'yar'uwa da muka taso gida ɗaya. Jininta O− ne, mijinta O+, amma a lokacin babu wanda ya sani. Ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu a ɗaki daren Juma'a, namiji ƙato, lafiyarsa ƙalau. Aka sha suna, aka yi wankan jego, kowa na murna. Bayan shekara biyu ta haifi mace. Tun ranar farko idon jaririyar ya yi ɗorawa, kafin gari ya waye fatarta ma ta bi, ta daina kama nono sai barci. Tsofaffi suka ce shawara ce, a shanya ta a hantsi. Da aka kai ta asibiti sai da ta kwana biyar a ƙarƙashin fitila mai shuɗin haske kafin ta dawo daidai. Ciki na uku a wata bakwai motsi ya tsaya, aka fito da yaron a kumbure, babu rai. Daga nan aka fara raɗe-raɗin wabi take yi, wasu suka ce iska ce, wasu suka ce kishiya. Ni na ga yadda ta koma, ko yara ke wasa a tsakar gida sai ta shige ɗaki ta ja labule.

Abin da ya faru ya faru ne tun daren Juma'ar nan ta farko. Jinin uwa da na ɗan tayi ba sa gauraya sosai lokacin goyon ciki, mabiyiya ce ke tsakaninsu. Amma a lokacin da mabiyiya ke rabuwa da mahaifa, ɗan jinin jariri kan shiga jikin uwa. Garkuwar jikinta ta ga sinadarin da ba ta sani ba, ta ɗauke shi baƙo, ta haɗa makaman yaƙarsa. Haɗa su na ɗaukar makonni har watanni, don haka ɗan fari yakan tsira. Sai dai jiki ba ya mantuwa. A ciki na gaba, idan yaron mai + ne, makaman nan suna ratsa mabiyiya su riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin jininsa tun yana ciki. Ƙwayoyin da suka fashe su ke sakin sinadarin da ke kawo shawara, wanda idan ya yi yawa yakan taɓa ƙwaƙwalwa, ya bar yaro da kurumta ko shanyewar gaɓoɓi. Idan fashewar ta tsananta jinin yaro ya ƙare, zuciyarsa ta gaza, ruwa ya cika masa jiki. Abin kuma yakan ƙaru ne daga ciki zuwa ciki.

Allurar da ke hana wannan sunanta anti-D, haka za ku gani a kwalinta, kuma tun 1968 ake amfani da ita. Aikinta shi ne ta kawar da ƙwayoyin jinin jaririn da suka shiga jikin uwa tun garkuwarta ba ta ankara da su ba. Shi ya sa take da wa'adi: awa 72 bayan haihuwa. Wadda ta haihu daren Juma'a, daren Litinin wa'adinta ya cika, tun ba a sayo ragon suna ba. Idan an makara, har zuwa kwana goma a je, akwai sauran amfani, amma bai kai na farko ba. Idan ba a yi ta ba, kusan uwa 16 cikin 100 masu irin wannan haɗuwar jini jikinsu zai haɗa makaman. Allurar bayan haihuwa tana maido da adadin zuwa 1 ko 2, idan kuma aka ƙara da wadda ake yi a mako na 28 na ciki, ya koma ƙasa da 1 nesa ba kusa ba. Ma'aunin da aka saba yi shi ne 1500 IU, kuma kowane ciki da nasa, domin allurar tana ƙarewa a jiki cikin kamar wata uku.

Wurin da muka fi yin sakaci shi ne ɓari. Mace ta yi ɓarin wata uku ko huɗu, a yi mata wankin ciki ko ta sha ruwan zafi a gida, a ce Allah ya kawo mai amfani, shi ke nan. Alhali jinin ɗan tayin nan ma yana iya shiga jikinta. Haka cikin da ya zauna a wajen mahaifa, da zubar jini ana tsakiyar goyon ciki, da faɗuwa ko bugu a ciki, da juya yaron da ya zo a karkace. Duk waɗannan, mai − ta faɗa wa likita ko nas da bakinta cewa jininta − ne, kada ta jira a tambaye ta.

Ku kuma san iyakarta. Allurar rigakafi ce, ba ta warware abin da ya riga ya ƙullu. Akwai gwajin da ake kira Coombs, shi ke nuna ko jikin uwa ya riga ya haɗa makaman. Idan ya haɗa, kada a ɓata kuɗi a kan allura, abin da ya rage shi ne awo a babban asibiti, a riƙa bin yaron da hoton ciki, a haife shi inda akwai fitilar shawara da halin canza masa jini. 'Yar'uwata ta wannan hanyar ta samu na huɗu, aka yi masa canjin jini kwana ɗaya da haihuwa, yau yana makaranta.

Ku maza, ba na cewa a fasa aure saboda wannan, babu dalili. Ku dai gwada naku jinin. Idan kai ma − ne, yaranku duk − za su zo, babu abin fargaba. Idan + ne kai, allurar tana da tsada kuma ba kowane kantin magani ke ajiye ta ba, sannan sai a firji take zama, don haka kada a saye ta a inda aka jera ta a kan kanta cikin zafi. Tun cikin yana wata biyar ka tambayi inda ake samunta, ka ware kuɗinta daban da na kayan jariri. Ranar haihuwa a ce wa ma'aikatan su gwada jinin jaririn daga cibiya. Idan − ne, uwar ba ta buƙatar allurar. Idan + ne, ko kuma babu halin gwajin, a yi mata kafin a sallame ku, a rubuta kwanan watan a katinta.