Daga "rabin raina" ya koma "toh": shin soyayyar ce ta ja baya?

Kwanaki wata ƙanwata ta miƙo min wayarta ido jajir, ta ce Yaya don Allah duba ka gani, mutumin nan ya canza. Na karɓa na ja hirar sama. Watannin baya saƙonninsa sai ka danna ci gaba kafin ka kai ƙarshe, masoyiyata, rabin raina, ga imojin zuciya har uku a jere. Na gangaro ƙasa kuma sai "toh", "ok", "ngd", wani lokacin ma babban yatsa kawai. Ita a wajenta shari'a ta ƙare, ya daina sonta, abin da take so na faɗa mata kawai shi ne wa ya ɗauke masa hankali.

Ni kuwa ra'ayina, kuma na daɗe a kai, tsayin saƙo da sunan shagwaɓa su ne shaidu mafi rauni da mutum zai kawo a irin wannan ƙarar. Ba wai ba sa nuna komai ba, suna nunawa wani lokacin, amma su ne aka fi saurin gani kuma su ne suka fi yawan yi mana ƙarya. Akwai abin da ya fi su faɗin gaskiya, yana nan cikin wayar, sai dai ba shi muke dubawa ba.

Abu na farko da ba ma son yarda da shi, saƙo yana gajarta ko da lafiya lau ake zaune. A 2014 wata masaniyar ƙididdigar bayanai mai suna Alice Zhao ta kwashe saƙonnin da ke tsakaninta da mijinta, ta gwada na shekarar da suka fara soyayya da na bayan sun yi aure. Abin da ta gani zai iya sa wata kuka: ya rage kiran sunanta, kalmar so ta yi ƙasa sosai, "ok" kuma ta yi sama. Amma da ta duba lokutan da ake turo saƙon sai ta ga dalili, da can hirar dare ce don ba sa tare, yanzu kuwa saƙon ya koma na lokacin aiki, tunda da daddare suna ɗaki ɗaya, abin da ake rubutawa da ya koma baki da baki. Wannan mutum biyu ne kacal, mata da mijinta, ba bincike mai faɗi ba, amma duk wanda ya daɗe da mutum ya san haka abin yake. A farkon haɗuwa saƙo shi ne soyayyar gaba ɗaya, da shi ake tallata kai, mutum ya rubuta ya goge ya sake rubutawa sau huɗu. In an saba sai saƙon ya koma ɗan aike, ina hanya, kin isa, kira ni. Babu wanda zai iya riƙe zafin watan farko shekara uku, ko yatsun ma ba za su yarda ba.

Sai maganar sanyin murya, wai saƙonsa ya yi sanyi. To wace murya? Rubutu ai ba shi da murya, mai karatu ne ke ɗora masa tasa. A 2005 masana halayyar ɗan Adam Justin Kruger da Nicholas Epley da abokan aikinsu sun gwada wannan, suka sa mutane su aika jimloli, wasu na gatse wasu na gaske, ta imel ko da murya. Masu aikawa sun ɗauka kusan kashi 80 cikin ɗari za a gane nufinsu. Ta murya an gane kusan uku cikin huɗu, ta rubutu kuwa kashi 56 kacal, wato da kaɗan ya fi canki-canka. Abin da ya fi ba ni tsoro a ciki shi ne masu karatun ma sun tabbata sun gane daidai. Shi mai rubutu yana jin muryarsa a kansa lokacin da yake dannawa, ya rubuta "toh" yana murmushi, ke kuma kin karanta da ƙarfe sha ɗayan dare ranki a dagule kin ji "toh" ɗin wanda ya gaji da ke. Har ɗigon aya yana da laifi, binciken da Celia Klin ta jagoranta a jami'ar Binghamton ya nuna gajeriyar amsa mai aya a ƙarshe ana ganinta kamar ba ta kai zuci ba, alhali a rubutun hannu ba a ga haka ba. In ɗigo ɗaya zai iya canza yadda ake jin saƙo, to hukuncin da aka gina kan jin saƙo ba shi da tushe mai ƙwari.

Sai na ce mata zo mu duba abin da za a iya ƙirgawa. Muka ɗauki sati biyu daga lokacin da take ganin komai zam-zam, da sati biyun ƙarshe, muka ajiye maganar tsayi gefe. Tambaya ta farko, wa ke fara magana? A kwana 14 na da shi ya fara sau 9, a na yanzu sau 8. Ta biyu, in ta faɗi wani abu da ya shafe ta, yana komawa kansa daga baya? Ranar wata Talata ta rubuta masa cewa kanta na ciwo tun safe, amsarsa "ayya sannu" ce kawai, kuma wannan saƙon na cikin waɗanda ta kafa hujja da su. Amma washegari da safe kafin ta ce komai ya turo "ya kan?". Kalma biyu. Ni a wajena kalma biyun nan sun fi shafi guda na rabin raina nauyi, domin sai wanda ya kwana da abin a ransa ne zai tashi da tambayar. Ta uku, ke kaɗai aka gajarce wa ko kowa? Ta yi shiru, ta ce a guruf ɗin abokansu ma ya yi ɗif, sitatus ma ya daina sawa, kuma wata biyu kenan da aka canza masa wajen aiki.

Tambaya ta biyun nan ita ce zuciyar maganar. John Gottman, wanda ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata, ya lura da ƙananan kiraye-kirayen da mutum ke yi wa abokin zamansa, irin kalli wannan, ka ji abin da ya faru yau, na gaji. Ya bi sababbin ma'aurata har shekara shida, waɗanda suka ci gaba da zama tare sun kasance suna amsa irin wannan kiran kusan kashi 86 cikin ɗari, waɗanda suka rabu kuwa kashi 33. Shi a zaune ya kalle su ba a waya ba, ni ne nake jawo abin zuwa waya, amma ina ganin ya zauna daidai. Kin tura hoton abin da ya ba ki dariya, ya ce wani abu a kai ko ya tsallake? Ka ce gobe kana da jarrabawa, ta tuna ta tambaya? Ana iya amsa kira da harafi biyar, ana kuma iya kau da kai da dogon saƙo mai zaƙi. Na sha ganin hirar da mace ta ce mahaifiyarta ba lafiya, amsa ta dawo layi shida na kewa da bege da sitikar fure, babu ko ya jikin nata. Irin wannan saƙon sau da yawa ma kwafo shi aka yi, wadda aka tura wa ce kawai ba ta sani ba.

Kar kuma a ce na wanke masu gajarta saƙo tas. Akwai lokacin da abin gaskiya ne, kuma yana da kamanninsa. Sabo a hankali yake rage abu, cikin watanni, har ba za ka iya nuna ranar da ya fara ba. Amma in jiya ke ce zumata yau kuma an kira ki da cikakken sunanki kamar a takardar makaranta, to wannan da gangan ne, saƙo ne aka aiko, galibi fushi ne kuma yana da ranar da ya fara, ki koma ki duba me ya faru a ranar ko kafinta. Fushi kuma ba nisa ba ne, mai fushi yana nan kusa yana jira a lura. Nisa na gaske ya fi haka shiru, kuma ba ya zuwa shi kaɗai: ya daina farawa, ya daina tambaya, ya daina ba da labarin yininsa, in an yi maganar haɗuwa sai wani lokaci, yana onlayin yana zuba a guruf ke kuma saƙonki na kwana da shuɗin maki biyu, in kuma kin kira muryar ma irin ta rubutun ce. In waɗannan suka taru suka yi makonni, ba na ce miki tunaninki ne kawai ba.

Abin da ya fi ɓata lamari kuma shi ne ramuwa. Ya turo "ok", ke ma kin ce ai ba za ki zubar da aji ba kin mayar da "k", shi kuma da bai san an buɗe masa fayil ba ya ga kin yi sanyi sai ya ja baya kaɗan, ke kuma kin samu shaidar da kike nema. Cikin kwana goma nisan da babu shi ya samu, kuma kowa na da hoton hira da zai nuna cewa ɗayan ne ya fara. Ƙanwar tawa ta riga ta shiga wannan, da na duba nata ɓangaren kwana biyar ba ta rubuta abin da ya wuce kalma uku ba, da na nuna mata sai ta ce ai shi ya fara.

Na ce ta bar rubutu ta kira shi, kuma ban da ka canza, don wannan tuhuma ce, amsarta kullum ni ban canza ba, daga nan sai musu. Ta faɗi abu ɗaya takamaimai da ta rasa. Ta kira a gabana ta ce masa ta yi kewar sunan da yake kiranta da shi. Ya yi ɗan jim, sai ya ce wallahi shi bai ma lura ya daina ba, shi da ya ga ta koma amsa masa da harafi ɗaya tun satin jiya ya ɗauka wani laifin ya yi, yana ta lissafin ko mene ne. Ta harare ni ta tashi da wayar ta shige ɗaki ta ja ƙofa.