Tallan kayan sallah a onlayin: ki bar tela ya yi miki gaggawar

Da zarar azumi ya kai goma sai sitatus ɗin WhatsApp na masu saida kaya a Kaduna ya cika da magana ɗaya, "saura biyu, yi sauri!" Bayan kwana uku ka leƙa ka tarar biyun nan dai suna nan. Wallahi abin na damu na, don akasarinsu mata ne masu neman halak ɗinsu daga ɗaki, kayansu kuma masu kyau, amma wannan ƙaryar ita ke zubar musu da yarda.

Alhali ga gaggawa ta gaskiya a hannu. Kowa a garin nan ya san tela, daga Tudun Wada har Unguwan Rimi, in azumi ya yi nisa daina karɓar ɗinki yake, wanda ya karɓa ma sai an yi ta sintiri. To mai saida atamfa me zai kai ta ƙirƙiro wani abu? Ga yadda nake ganin saƙon farko ya kamata ya fita, bayan an sha ruwa ba da la'asar ba lokacin da kowa ke kan tukunya:

"Hajiya barka da shan ruwa, ya ibada, ya yara? Atamfar da kika tambaya ta iso, turmi yadi 6, kala huɗu, ga hoto da kuɗin kowacce. In ta sallah ce gara ki ɗauka kafin 15 ga azumi saboda tela. Cikin gari gobe ɗan aike zai kawo, Zariya ko Kano kuma mu sa a mota a tashar Kawo."

Gaisuwa ta zo farko, amma layi ɗaya ce. Wasu sai su jero addu'a doguwa kamar wa'azi sannan a ƙasa lambar akawun, mutum ya ji kamar an yi masa wayo da addini. Kuma kuɗi na nan a fili, in kika ga ana ta turo "nawa?" sannan a yi shiru to ɓoye farashi ne ke korar miki mutane, ba tsada ba.

Tunatarwa sau ɗaya ta isa, bayan kwana uku haka, ki faɗi ainihin abin da ya rage, in turmi bakwai ne ki ce bakwai.

Goman ƙarshe kuwa magana ta canza, yadi ya wuce lokacinsa, sai abaya da mayafi da kayan yara ɗinkakku, saƙon ma a rage shi don mutane na tahajjud. Nan ne ake yawan ɓaɓewa da kwastoma, a yi alkawarin kai kaya ranar 30 sai wata ya tsaya a 29, tasha ta cika, direba ya daina ɗaga waya, yarinya na kuka ba kayan idi. Ki rubuta tun wuri cewa odar wajen gari za ki rufe ta 25 ga azumi, ranar kuma ki rufe ɗin ko da ƙawarki ce ta roƙa.